Neman suna na Hausa ga dayod ɗin da ake gittawa a kwayil ɗin rile

Malamar lantarki, Tudun Wada, Gombe: Assalamu alaikum. Ina rubuta darasi da Hausa a kan rile mai bolt 12 da taransista BC547 ke kunnawa, kuma ina neman sunan da zan ba dayod ɗin da Turawa ke kira fulaibak. Na fi son suna mai nuna aikinsa, domin yara suna saka shi ba tare da sun san dalili ba.

Mai haɗa sola, Pantami: Malama, ai mu "dayod mai tare wuta" muke cewa, saboda yana hana wutar batir komawa fanel da dare.

Tsohon injiniya, Jekadafari: Ɗan'uwa, wannan wani dayod ne daban. Naka a jere yake da waya, wuta na bi ta cikinsa duk yini. Wanda Malama ke nufi a gicciye yake da kwayil, gefensa mai zobe yana kan fozitib, ɗaya ƙafar tana haɗe da kolektar taransista, kuma muddin rile na kunne ba abin da ke ratsa shi. Aikinsa yana farawa ne a daidai lokacin kashewa. Kwayil ba ya yarda kwararar wutar da ke cikinsa ta tsaya nan take, domin akwai ƙarfin da ya tara a maganaɗisunsa, kamar ruwan famfon noman rani a Dadin Kowa da aka toshe wa tiyo farat ɗaya. Mu ɗauki kwayil mai om 400, wanda a bolt 12 yake jan mili'amf 30, mu ƙaddara ƙarfin naɗinsa henri 0.2 ne. Ƙa'idar ita ce wannan, inda V shi ne bolt ɗin da kwayil zai tayar, L ƙarfin naɗi, ΔI canjin wutar, Δt kuma lokacin da canjin ya ɗauka:

```
V = L × ΔI / Δt
```

Idan taransista ta yanke wannan wuta cikin maikirosakan 10, lissafi zai ba da bolt 600, alhali BC547 bolt 45 take jurewa tsakanin kolekta da emita. A zahiri ba za a kai 600 ba, domin taransistar za ta ɓalle tun kafin nan, wutar ta ratsa ta da ƙarfin tsiya. Da dayod kuwa, da zarar kolekta ta haura fozitib da kamar bolt 0.7 sai ya buɗe, wutar ta riƙa zagayawa tsakanin kwayil da dayod har ta mutu, kolekta ba ta wuce bolt 12.7 ba.

Mai gyaran inbata, Tashan Dukku: To, Baba, a ce masa "dayod mai shanye wuta". Ni shaida ne. An kawo mini caja wadda rilenta ya maƙale a kunne, na auna taransistar da mita na samu kolekta da emita sun haɗe, na canja ta, ita ma sabuwar ba ta daɗe ba. Ashe ƙafar dayod ɗin ce ta saki daga dalma.

Tsohon injiniya: Alamar da ka gano daidai ce, amma sunan bai cika ba. Dayod bolt 0.7 kawai yake ci, mafi yawan ƙarfin yana zama zafi ne a wayar kwayil ɗin kanta. Hanya ya buɗe, ba shanyewa ya yi ba. Ina ganin "dayod na mazagaya" ya fi, kuma wannan suna yana bayyana illarsa ma: tun da wutar na zagayawa, rile yakan ɗan jinkirta saki. Inda jinkirin ke da lahani, ana jera zena, wato dayod mai barin wuta ta bi ta baya idan ta kai wani bolt, da dayod ɗin domin wutar ta mutu da sauri, da sharaɗin bolt ɗin zenar haɗe da 12 ɗin bai kai abin da taransista ke jurewa ba.

Malamar lantarki: Yallaɓai, bayanin ya gamsar da ni, sai dai "mazagaya" ya yi wa ɗalibai nauyi a baki. Ina tunanin "dayod na mafita", domin yaron da ya ji shi zai tambaya mafitar mene ne. Zan kuma gargaɗe su cewa idan suka juya zoben, dayod zai haɗa fozitib da kolekta kai tsaye, taransista ta ƙone a kunnawar farko.

Ɗalibi, Bolari: Malama, ni moto nake sarrafa gudunsa da PWM, wato kunna wuta da kashe ta da sauri, kuma dayod 1N4007 da na saka yana zafi.

Tsohon injiniya: 1N4007 ya wadatar ga rile, amma ba ya rufewa da sauri, kuma a PWM ana kunnawa da kashewa sau dubbai cikin sakan guda. Nemi 1N5819 idan motonka bai wuce amf 1 ba kuma wutarsa tana ƙasa da bolt 40 sosai. Idan kuma kana juya shi gaba da baya, dayod ɗaya a gicciye ba zai yiwu ba, huɗu ake sawa, ɗaya a kan kowace taransista ta gadar, wato haɗin taransistoci huɗu da ke juya moton. Malama, a wannan yanayin wutar tana iya komawa batir, saboda haka "mafita" ya fi nawa dacewa a nan, ko da yake a rile ina nan kan "mazagaya".