Takardar yarjejeniya da kamfani, me zan duba kafin in kai wa lauya?

Sadiya: Salamu alaikum jama'a. Wani kamfanin sabulu a Sharaɗa ya turo min takardar yarjejeniya shafi 6, katan 200 duk wata a kan N18,000 katan, in biya bayan kwana 30. Shagona yana kasuwar Singa a Kano. Ina so in fara dubawa da kaina kafin lauya, ina zan sa ido?

Malam Habu: Hajiya fara da suna. Sunan kamfanin da lambarsa su zo daidai da abin da ke rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, naki ma haka. Sai kuɗi, katan 200 ɗin nan N3,600,000 ne, to da harajin VAT a ciki ko babu? In babu, kashi 7.5 ya hau, ƙarin N270,000 kenan kuma daga ribarki zai fita. Ki duba abin da aka rubuta da lamba ya zo ɗaya da na kalmomi. Kwana 30 ɗin kuma daga yaushe, ranar da suka yanka rasit ko ranar da kaya suka sauka shagonki? Ki ja layi ƙarƙashin duk inda ba ki gane ba, shi za ki nuna wa lauya.

Nura Kwari: Mu dai a kasuwa amana ce, shaidu biyu an gama.

Alhaji Ɗanlami: Amana? Ni amana ce ta cinye ni. Na sa hannu da wani kamfanin lemo, mota ta taso ruwan sama ya jiƙe katan 40 a hanya, kwalaye duk sun ruɓe, na kira manaja wai in duba shafi na 4, ashe kaya na barin ƙofar masana'anta sun zama nawa, kuɗin lodi da na dako ma ni ne, kuma in an samu saɓani wai a Legas za a zauna. Ni ban taɓa wuce Kaduna ba wallahi.

Nura Kwari: Alhaji ai da ka je ka ga teku, hhh

Maman Hanif: Ki kai wa lauya kawai, N20,000 na biya.

Alhaji Ɗanlami: Dubu ashirin? Ni N100,000 aka ce min.

Malam Habu: Ya danganta da aikin, dubawa daban, sake rubutawa daban.

Nura Kwari: Malam kai lauya ne wai?

Malam Habu: A'a, akawun kamfani na yi, irin takardun nan ta hannuna suke bi.

Sadiya: Na gode Malam. Na duba, babu maganar VAT ko'ina, amma akwai inda suka ce za su iya canja farashi. Ba su faɗi sanarwar kwana nawa ba.

Maman Hanif: Wannan ita ce cutar ai. Ka zuba kuɗinka a asusunsu, sati biyu ba kaya, ranar lodi a ce farashi ya tashi, ko ka ciko ko a rage maka katan.

Alhaji Ɗanlami: Kuma manyan diloli ake fara loda wa, mu muna layi a rana.