An cire wa ƙanena saifa, wa zai tace masa jini yanzu?

Yayan Auwalu: Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 24 ya faɗi da babur, saifarsa ta fashe, aka yi masa tiyata aka cire ta. An sallame mu, yana ci yana sha. Na ji an ce saifa ke tace jini, to yanzu wa zai tace masa? Kuma gwajinsa na ƙarshe an zagaye wani wuri da biro, PLT 780. Hankalin Inna ya tashi.

Baban Khalifa: Subhanallahi. Ku fara neman inda ake wankin jini tun yanzu, maƙwabcinmu sau biyu ake yi masa a mako.

Malam Ɗanlami: Baban Khalifa, ai wancan ƙoda ce. Saifa kuwa hanta ke karɓar aikinta. Ku kwantar da hankalinku, babu abin da zai canja.

Anti Nas: Wa alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Babu maganar wanki. Ƙoda ruwa da datti take fitarwa ta fitsari, saifa kuma ƙwayoyin jinin kansu take tantancewa.

Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi ko kusa da haka. A cikin saifa akwai wasu tsagogi da suka fi ƙwayar ƙanƙanta, dole ta lanƙwashe kafin ta wuce, kamar gari a rariya. Sabuwa tana da laushi, sai ta sulale. Wadda ta tsufa ta yi tauri sai ta maƙale, fararen ƙwayoyin da ke tsaye a wurin su cinye ta. Ƙarfen da ke cikinta a mayar da shi ɓargo a ƙera sabuwa, launin kuma ya tafi hanta ya bi matsarmama ya fita.

Malam Ɗanlami ya yi gaskiya a rabi. Hanta da ɓargo suna iya kwashe tsofaffin ƙwayoyi, shi ya sa jininsa ba zai ƙazantu ba. Sai dai ba su da idon saifa. Idan an shafa jininsa a gilashi za a ga ɗigo-ɗigo a cikin wasu jajayen ƙwayoyi, a takarda a rubuta Howell-Jolly bodies. Saifa ce dā ke tsince su, ganinsu ba ciwo ba ne.

PLT ɗin nan ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne, ƙa'ida 150 zuwa 450. Saifa kan ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku nasu, da aka cire ta sai duk suka fito. Sukan kai ƙololuwa a makonnin farko, yawanci su sauka da kansu. A maimaita gwajin, ya riƙa tattaki yana shan ruwa. Ciwon ciki mai tsanani, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, ku koma asibiti a take, jini ne kan iya curewa a jijiya. Kada ku ba shi asfirin sai likita ya ce.

Abin da nake so ku riƙe da hannu biyu shi ne zazzaɓi. Ƙwayoyin cutar nimoniya da sanƙarau suna da wata riga mai santsi, saifa ce gwanar cafke su a cikin jini. Wanda ba shi da ita, zai iya tashi da ɗan zazzaɓi da safe, kafin dare ya fita hayyacinsa. Zafin jiki ya kai 38 ko ya fara rawar sanyi, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa kemis. Ku fara gaya wa likita cewa ba shi da saifa. Maleriya ma ta fi yi musu mugun kamu, don haka gidan sauro kullum. Cizon kare ko ƙarami ne, asibiti.

An yi masa rigakafi? Idan tiyatar gaggawa ce, bayan mako biyu ake yin na nimoniya, sanƙarau da Hib, wata ƙwayar cuta da ita ma kan kawo su. Kada ku bari rani ya shigo bai yi ba, kun san yadda sanƙarau ke yi mana a arewa.

Yayan Auwalu: Ba a yi ba, Anti. Gobe za mu koma mu tambaya.

Maman Ummi: 'Yata mai sikila ba a taɓa yanka ta ba, amma likita ya ce saifarta ta tsotse da kanta tun tana ƙarama. Fenisilin take sha safe da yamma. Shi ma haka zai yi har abada?

Anti Nas: Nan likitoci suka rabu, Maman Ummi. Yara ba a musu a kansu. Babba mai lafiya irin Auwalu, wasu kan ce ya sha na shekara biyun farko da haɗarin ya fi yawa, wasu su ce har tsawon rai, wasu kuma su ba shi magani ya ajiye, zazzaɓi na taso masa ya fara sha a hanyar asibiti. Ku tambayi likitansa wanne ya zaɓa, ya rubuta muku.

Malam Ɗanlami: Ni dai abokina shekara da shekaru babu saifa, ko ƙwaya ɗaya ba ya sha, lafiyarsa lau.

Anti Nas: Yawancinsu haka suke, Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma haɗarin ba ya ƙarewa da shekaru. Ka tambaye shi ko ya yi allurar nimoniya.