Kwana tara muna hira a rubuce, in nemi kira yanzu ko in ƙara haƙuri?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum yayyena. Akwai wadda muka haɗu a manhajar neman aure, yau kwana tara muna hira a rubuce. Da rana ba ta cika amsawa ba saboda aiki, amma da dare mukan yi kusan awa guda. Ina so in ji muryarta, in da hali ma mu ga juna ta bidiyo. Abin da ke ba ni tsoro, na taɓa neman lambar wata mace a rana ta biyu da haɗuwarmu, tun daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba. Ta yaya zan gane lokaci ya yi?

Tsohon Gwauro: Kwana tara? Ɗan uwa ai ka makara. Ni dokata kwana uku ce, in ba mu yi waya ba na kama gabana. Rubutu yaudara ne, kana zaune kana ƙera mata murya da hali a ranka, ranar da ka ji ta gaskiyar sai ka ga ba ita ba ce. Ka danna kira kawai a daren nan, in ta ɗauka shi ke nan.

Anti Uwar Biyu: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar Gwauro ta ƙera mutum a rai gaskiya ce, amma don Allah kar ka danna kira ba sanarwa. Mace tana kwance ba shiri, ko tana cikin mutane, sai ga kiran bidiyo daga wanda ba ta taɓa jin muryarsa ba. Za ta katse, sannan kunyar katsewar ta hana ta sake yi maka magana.

Ka bar ƙidayar kwanaki, ka koma ka karanta hirarku ta dare uku na ƙarshe. Wa yake yin tambaya? In kai kaɗai ke tambaya ita tana amsawa da "eh", "haka ne", "hhh", ko wata guda kuka yi lokaci bai yi ba. In kuwa tana mayar maka da tambaya, tana fara yi maka magana da kanta wani lokacin, tana tuna abin da ka faɗa shekaranjiya ta ce "ya aka ƙare da maganar nan ta wurin aikinka?", to ta riga ta ba ka wuri a ranta, kira ba zai zo mata a bazata ba.

Alamar da na fi yarda da ita kuma ita ce ranar da rubutu ya kasa ɗaukar hirar. Za ka ga saƙo yana tsawo, kuna rubutu lokaci guda kuna katse juna, ko ɗayanku ya ce "labarin da tsawo, ba zai rubutu ba". Wannan kalmar ƙofa ce a buɗe. A nan take ake nema, hira na da zafinta. Kuskuren da maza da yawa suke yi shi ne sai hira ta mutu, ta yi kwana biyu shiru, sannan su ce bari su kira ko za a farfaɗo. A lokacin kira ya zama roƙo.

Ka faɗa mana, a cikin waɗannan wanne ka gani?

Ɗan Auta: Anti, na duba. Sau biyu ita ta fara yi min magana. Daren jiya kuma tana ba ni labarin yadda ta sauya aiki, sai ta ce "abin da yawa, wata rana zan ba ka labari sosai". Ni kuma na ce Allah ya kai mu.

Anti Uwar Biyu: Kai ƙanena! An miƙo maka ka ce Allah ya kai mu. Ba komai, bai ɓaci ba. Yau da dare idan hira ta ɗauki kamar minti goma sha biyar, ka dawo da maganar da kanka. Misali: "Labarin sauya aikin nan yana raina. In ba damuwa, gobe wajen ƙarfe tara mu yi magana ta murya a nan cikin manhajar, minti goma kawai, ki ba ni shi. In kin fi son mu ci gaba da rubutu tukuna, babu komai."

Ka lura da abin da ke cikin saƙon. Akwai dalili, kuma dalilin nata ne, ita ta buɗe labarin. Akwai lokaci tsayayye wanda ba yanzu-yanzu ba, don ta samu damar shiryawa. Akwai iyaka, domin abin da ke tsorata mutane a kiran farko shi ne rashin sanin yadda za su yi sallama in hirar ta yi tsami. Sannan ka bar mata hanyar cewa a'a ba tare da ta ji ta wulaƙanta ka ba. Kuma ban ce bidiyo ba. Murya tukuna. Bidiyo yana neman haske, shiga, da ɗakin da babu kowa, yana kuma nuna inda mutum yake kwana. In kiran murya ya yi daɗi sau ɗaya ko biyu, maganar bidiyo za ta zo da sauƙi.

Ranar kiran kuma ka cika alkawarin minti goman. In ya kai, ka ce "na ce minti goma, ga shi ya cika". In ita ta ce a ci gaba, to ka samu amsar da ta fi kowace.

Mai Gyaran Waya: Bari in ƙara a kan "a nan cikin manhajar" da Anti ta faɗa, don ina zargin nan ne Ɗan Auta ya yi asarar ta farkon. Ba kira ka nema ba a wancan karon, lamba ka nema, kuma abubuwa biyu ne daban. Wanda ya samu lambarka zai iya sa ta a Truecaller ya ga sunan da mutane suka ajiye ka da shi, ya ga hotonka na WhatsApp in ba ka rufe ba, kuma ko ka toshe shi zai iya kiranka da wani layin. Mace mai hankali ba za ta ba wanda ta sani jiya wannan ba.

Manhajoji da dama yanzu ba sa buƙatar ku ba juna lamba kafin ku yi kira. Bumble ta sa kiran murya da na bidiyo a ciki tun 2019. Tinder ta kawo na bidiyo a 2020, kuma a lokacin sai mutum biyun kowa ya amince kafin ya buɗe. Muzz ma tana da kira a ciki. In taku ba ta da shi, Telegram yana bari mutum ya ɓoye lambarsa ya ba da sunan da ya zaɓa kawai. Amfanin zama cikin manhajar da kuka haɗu shi ne in mutum ya yi rashin mutunci akwai inda za a kai ƙararsa, kuma da an raba haɗin ya rasa hanyarka.

Wani abu, ka gwada kiran da wani abokinka tukuna ko da a wata manhajar ce, ka ga ko sabis ɗin ɗakinka yana ɗauka. Kiran farko da ke yankewa duk bayan minti ɗaya yana kashe hira fiye da rashin abin faɗa.

Kakan Yara: Ni dai shawarata kar ku haɗu ku kaɗai, a samu wuri mai jama'a, kuma wani naka ya san inda ka tafi.

Tsohon Gwauro: Baba, ba a kai can ba tukuna, waya ake magana.

Yaya Mai Ɗinki: Ku bar Baba, maganarsa za ta yi amfani nan gaba. Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, don ni ce na taɓa neman kira aka yi ta kewaye da ni. Wata biyu muna rubutu da wani. Na ce mu yi bidiyo, ya ce kyamararsa ta fashe. Bayan sati biyu ya ce inda yake aiki an hana. Sau ɗaya ya kira, duhu, daƙiƙa kaɗan ya yanke ya ce sabis ne. Amma rubutu kullum, safe da dare, kalamai masu daɗi. A sati na takwas sai ga maganar rashin lafiya da neman in tura kuɗi. A nan na farka.

Don haka ni ban yarda a yi ta jira har abada ba da sunan kunya. Kuma tunda na tsaya a kai, ga yadda nake bambance a'a. Wadda take so amma ba ta shirya ba za ta ba ka wani abu a madadi: "gobe ba zai yiwu ba, Asabar fa?", ko ta turo saƙon murya, ko ta ce fili "ka ba ni sati guda". Wanda yake ɓoye wani abu uzuri yake bayarwa, kowane karo sabo, kuma ba ya taɓa sa rana. In aka yi haka sau uku, ni na gama.

Mai Gyaran Waya: Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Sai dai bidiyo ma yanzu ba hujja ba ce ɗari bisa ɗari, akwai masu ɗora fuskar wani a kan tasu ana cikin kira. Fuskar da ke rawa a gefe-gefe in mutum ya juya kai, ko baki da murya ba sa tafiya tare, abin lura ne, ko da yake raunin sabis ma yana kawo hakan. Kuma kowa ya sani ana iya naɗar kiran bidiyo ba tare da ka sani ba. Duk wanda ya matsa a yi bidiyo daren farko, yana neman a nuna abin da bai kamata ba, a rufe shi kawai.

Anti Uwar Biyu: Sau uku ɗin Yaya ni ina da ja a kai. Akwai mai in'ina, akwai wadda ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta, akwai wanda waya ce kawai ba ya so amma a zahiri ba shi da matsala. Ba kowane mai gudun kira ne macuci ba. Abin da zan ce wa ƙanena, in ta ce a'a, ka karɓa da sakin fuska, ka ci gaba da hirar kamar yadda kuke, kar ka sake tayar da maganar sai bayan kwana biyar zuwa mako. A tsakani ka tura gajeren saƙon murya, na daƙiƙa ashirin, kana amsa wani abu da ta tambaya. In ta mayar da murya, kira ya kusa.

Yaya Mai Ɗinki: Mai irin wannan dalilin ai faɗa yake yi, Anti. Nawa bai taɓa cewa yana jin kunya ba, kullum sabon uzuri ne.

Ɗan Auta: Na tura kamar yadda Anti ta tsara, na gode ƙwarai. Ta yi kusan minti ashirin ba ta amsa ba, har na fara cewa na sake ɓatawa. Sai ta ce gobe tana da aikin dare, amma Lahadi ƙarfe takwas da rabi, kuma murya kawai. Yanzu kuma wata damuwar: daga yau zuwa Lahadi kwana uku ne, in ci gaba da rubutun kamar da, ko in rage don kar labarin ya ƙare kafin ranar?