Na daina gishiri amma jinina ya ƙi sauka, ku ba ni labarin naku

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu fama da hawan jini nake nema yau. Bayan Babbar Sallah aka gano ina da shi, likita ya ɗora ni a kan amlodifin ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce in rage gishiri, in riƙa tattaki. Gishiri kam na daina zuba shi a girki gaba ɗaya. Ɗana ya sayo min na'urar awo, amma ita ma ta zame min abin fargaba. Jiya da safe ta nuna 162/98, da la'asar 139/86, da dare 151/92. Wanne zan kama? Kuma me ya hana shi sauka?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Na daɗe ina tare da wannan ciwo, shi ya sa zan fara da tambaya ɗaya. Dunƙule nawa kike jefawa a miya tunda kika daina gishirin?

Maman Sadik: Hajiya, da huɗu nake sawa, yanzu shida, don miyar kada ta yi salam.

Hajiya Babba: To ai ga gishirinki nan, kaya kawai ya sauya. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Ƙananan nan guda shida sun kai cokalin shayi biyu na gishiri a tukunya ɗaya. Ga farin magi, ga kanwar da muke jefawa a miyar kuka da wake da ɗanwake, ga yajin da ake barbaɗawa a kan shinkafa da wake, wanda da gishiri da dunƙule aka daka shi. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ni abin da na yi, na rage dunƙule ɗaya, muka ci haka na ɗan lokaci har baki ya saba, sannan na sake rage ɗaya. Gurbinsu na cike da daddawa mai kyau, da albasa da yawa wadda na bari ta soyu sosai, da citta, tafarnuwa da masoro. Yaji kuma na daka nawa daban, ƙuli da barkono da citta kawai. Cikin 'yan makonni harshe yake sabawa. Yanzu abincin biki ne ma nake jin gishirinsa ya yi min kau.

Sista Nas: Hajiya ta yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya, kuma da na dunƙule da na burodi da na tsire duk a ciki ake lissafawa. Sai dai ni lambobin nan naki nake kallo. Yaya kike zama idan za ki auna, Maman Sadik?

Maman Sadik: A bakin gado Sista, bayan na sallami yara makaranta. Nakan ɗora a kan hannun rigata, don sauri.

Sista Nas: Shi ya sa. Kin gama sintiri da faɗa da yara, bayanki ba jingina, hannu a rataye, ga riga a tsakani. Kowanne a cikinsu yana iya ƙara lamba. Jini dama hawa da sauka yake yi cikin yini, don haka awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ga yadda za ki yi. Da safe, kafin ki sha magani ko ki karya, ki fara zagayawa bayi, sannan ki zauna a kujera mai jingina minti biyar ba waya ba hira. Tafin ƙafa biyu a ƙasa, damtse a buɗe, ki ɗora hannun a kan tebur ko filo yadda madaurin zai yi daidai da ƙirjinki. Ki auna, ki jira minti ɗaya, ki sake. Da yamma ma haka. Idan kin ci goro, kin sha kofi ko kin dawo daga tafiya, ki bari rabin awa ta wuce. Ki rubuta duka a littafi kwana bakwai, ki cire na ranar farko, ki haɗa sauran ki fitar da matsakaici. A awon gida, 135/85 ko sama da haka shi ne ya hau. Ki duba madaurin ma, idan damtsenki mai kauri ne ya matse shi da ƙyar, lambar za ta fi ta gaskiya.

Ɗan Tasha: Ni fa ba na wahalar da kaina da na'ura. Da na ji ƙeyata ta riƙe na san ya hau, sai in sha zoɓo ba sukari da tafarnuwa. Ƙwayar ma na ajiye ta tun da na ji sauƙi.

Sista Nas: Don Allah Malam ka koma kan maganinka, ka je a auna ka cikin satin nan. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, kuma mun sha karɓar wanda shanyewar ɓarin jiki ce ta fara sanar da shi. Zoɓo ba sukari yana ɗan taimakawa, ban hana ka ba, amma ba ya tsayawa a madadin ƙwaya. Sauƙin da ka ji aikin maganin ne. Kuma irinku masu aikin ƙarfi, ku yi hattara da maganin ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen, suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda.

Malam Ticha: Ni ta ɓangaren tattaki zan ce wani abu. Bayan sallar asuba nake fita, kafin rana ta buɗe, don a watan zafi ba mai iya tafiya da hantsi. Likitana ya ce minti talatin, kwana biyar a mako, da saurin da zan iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Da minti goma na fara saboda gwiwa. Abin da ya riƙe ni shi ne maƙwabcina da muke fita tare, ranar da na ji kasala shi ke ƙwanƙwasa min ƙofa. Lambata ta sama ta ragu kaɗan, ba wani mai yawa ba, amma barcina ya gyaru.

Amaryar Gwaggo: Malam ku maza fita ba ta muku wuya. Mu da muke wuni a tsaye, shara, wanki, girki, shi bai isa ba?

Malam Ticha: A ganina bai isa ba, tunda da aikin ake yi ciwon ya zo.

Hajiya Babba: Ban yarda gaba ɗaya ba Malam. Daka da jan ruwa a rijiya ba wasa ba ne. Tsayuwa gaban murhu ce dai ba tattaki ba. Ni tsakar gida nake zagayawa bayan magariba, minti goma sha biyar, carbi a hannu, da safe in ƙara wasu.

Maman Sadik: Na dawo da rahoto. Na bi yadda Sista ta ce, matsakaicin ya fito 144/89. Dunƙule na mayar da shi huɗu, sati mai zuwa uku. Sai dai ƙafafuna suna ɗan kumbura da yamma.

Sista Nas: Madalla, yanzu kin san inda kike. Har yanzu yana sama da 135/85, don haka ki kai wa likita littafin da na'urar, a gwada ta da tasu. Kumburin ƙafa amlodifin yakan kawo shi, amma ki faɗa masa ya duba, kada ki daina sha da kanki. Idan kuwa kika taɓa ganin 180/120 tare da ciwon ƙirji, ganin dishi-dishi, karkacewar baki ko nauyin hannu ɗaya, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Amaryar Gwaggo: Ni tambayata tana nan. Gidanmu tukunya ɗaya ce, ranar girkin abokiyar zamana ba ni da iko da abin da ta zuba, kuma maigida ba ya cin abinci salam. Wadda ta taɓa shiga irin wannan, yaya ta yi?