Kunnen hagu ya mutu, mita ta ƙi yin ƙara: in yanke kan ko in dakata?

Ɗan Hindawiyya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina koyon gyara a gida nan Jidda. Kawuna ya ba ni samma'arsa mai waya, wadda yake jin karatu da ita, kunnen hagu ya daina magana, na dama lafiya lau. Kan jonawar mai baƙin layi uku ne, akwai makirfo a jikin wayar. An ce mini gindin kan shi ne layin da kunnuwa biyu suke tarayya a kansa. Na sa mita a wurin ƙara, allura ɗaya a tsini ɗaya a gindi: shiru, allo na nuna 1. Na gwada zoben farko da gindi, shi ma shiru, alhali wannan kunnen yana aiki. In yanke kan in sa sabo, ko cutar tana can wajen kunne? Idan na yanke a banza wayar za ta gajarce, kuma kun san kawu.

Abu Faisal Makka: Wa alaikumus salam. Saya masa sabuwa, riyal 15 ce. Ka ce ka gyara.

Ɗan Hindawiyya: Yaya, ba irin ta riyal 15 ba ce, kuma koyo nake yi.

Sani Baɗha: Batirin mitarka ne ya yi sanyi. Canja batirin 9V ka sake gwadawa. Wace iri ce ma? Idan DT830B ce ai ba ta da ƙara sam.

Ɗan Hindawiyya: Tana ƙara idan na haɗa allurai biyun.

Malam Isa Kahraba: To mitarka lafiya, ɗana, wurin da ka taɓa ne ba daidai ba. Abin da aka gaya maka na kan mai layi biyu ne: tsini hagu, zobe dama, gindi na tarayya. Naka mai layi uku ne, ƙarfensa kashi huɗu. A yawancin na yanzu tsini hagu, zoben farko dama, zobe na biyu shi ne na tarayya, gindi kuwa na makirfo ne. Makirfo kake ta aunawa, shi kuma ba zai sa mita kuka ba.

Sannan ka bar wurin ƙara, juya zuwa 200 a sashen Ω. Fara haɗa allurai ka ga abin da ta nuna, kamar 0.4 ko 0.5, ka riƙe shi a ka don ka cire daga abin da za ka karanta. Ɗora baƙar allura a zobe na biyu, ja a zoben farko. Kunne mai rai zai ba ka kusan 16 ko kusan 32, gwargwadon irin samma'ar, kuma idan tana kunnenka za ka ji ɗan ƙas lokacin da allurar ta taɓa. Sai ka mai da ja kan tsini. In ya nuna 1, layin hagu a yanke yake a wani wuri. Kada ka ɗaga allura: sa wani ya riƙe maka, kai ka dinga lanƙwasa wayar a hankali a wuyan kan, sannan inda ta rabu biyu, sannan bakin kunne. Inda lamba ta ɗan leƙo ta ɓace, nan cutar take. Ka kula allura kada ta hau zobe biyu lokaci guda, wurin ƙarami ne.

Bala Karantina: Wannan ƙarar ita ta ci mini riyal 350, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani mutum ya kawo babbar samma'a ta ɗaurawa a ka, ya ce wani lokaci tana ɗaukewa. Na taɓa tsini da gindi, shiru. Zobe da gindi, shiru. Na ce masa duka biyun sun yanke, na sa almakashi. Ashe kowane kunne om sittin da wani abu ne, mitata kuwa ba ta kuka sai abin ya yi ƙasa da wajen hamsin. Lambar tana nan a allo, ban ko kalla ba, kunne na kasa. Da na feɗe wayar sai ga zare-zare kamar gashi, ja, kore, ruwan tagulla. Na ɗora allura a kansu, nan ma shiru, na ce shi ke nan wayar ta ruɓe gaba ɗaya, na ƙara yankewa. Sau uku. Ban san fenti ne a jikinsu ba, sai an ƙone shi da dalma mai zafi a bakin kawiya kafin allura ta sami ƙarfe. Daga baya aka gano ramin jawwal ɗinsa ne ya cika da datti. Ya tsaya a kaina sai na biya, mu'allimina bai ce uffan ba, ƙarshen wata ya zare daga kuɗina.

Abu Faisal Makka: Allah ya mai da alheri. Amma Bala, sau uku? Gyara kake ko yankan layya?

Sani Baɗha: Shi ya sa nake cewa a sayi mita ta kirki. Tawa riyal 120 a Riyad, ba ta taɓa yi mini haka ba.

Bala Karantina: Ta riyal 25 na sayo a Sawarikh, da ita nake ci har gobe. Laifin idona ne. Taka ma tana da iyakar da take daina kuka.

Ummu Hanan: Ni 40 na saya wa yarona irin ta Bala, an cuce ni ke nan. Tambayata daban: samma'ata ba igiya gare ta ba, kunne ɗaya ba ya caji. Mitar za ta nuna?

Sani Baɗha: Hajiya wannan wani babi ne. Malam Isa, da girmanka, aikinka wutar gida ne. Akwai masu layi uku da gindin ne na tarayya, tsofaffin Nokia haka suke. Kada yaro ya jona a juye.

Malam Isa Kahraba: Gaskiyarka, akwai su, shi ya sa na ce yawanci. Amma shi ya riga ya gwada zoben farko da gindi bai sami komai ba a kunnen da ke aiki. Ya tabbatar da kansa: duk zoben da ya ba shi 16 ko 32 tare da na dama, shi ne na tarayya. Kuma kafin ya yanke ya rubuta a takarda, don launin waya ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da nasa. Maganar wutar gida kuwa, om ɗin gida da na samma'a duk om ne.

Bala Karantina: Ni dai wanda bai taɓa biyan kayan mutane ba, ba na ɗaukar shawararsa.

Abu Faisal Makka: To ai sai mu je mu ɓata na wani mu dawo da takardar shaida.

Baba Mai Shayi: Ku da kuke gardamar mita, a wane shago zai zauna? Tun 2016 da aka keɓe sayar da jawwal da gyaransa ga 'yan ƙasa, yaranmu nawa suka bar Shari' Falasɗin? Nawa ya iya aiki, yanzu kaya yake ɗauka.

Sani Baɗha: Baba kada ka tayar mana da wannan. Ni kaina a ɗaki nake yi wa 'yan'uwa.

Ɗan Hindawiyya: Malam, na gwada. Zoben farko da na biyu 33.1. Tsini da zobe na biyu 1. Da na lanƙwasa wuyan kan ya nuna 34 ya ɓace, amma sau ɗaya kawai, ban sani ba ko hannuna ne ya zame kan zoben dama. In yanke?

Baba Mai Shayi: Kuma sabunta igama ma yanzu wani tashin hankali ne. Wa ya yi ta wannan watan, nawa ya kashe?