Bature ba ya tsayawa: in rubuta ko in katse shi?

Maman Ilham: Salamu alaikum. An nemi in yi tafinta a taron manoman masara ranar Asabar a Kawo. Baƙon da zai yi bayani sai ya yi minti 5 bai numfasa ba, sannan ya juyo ya kalli tafinta. In riƙe takarda, ko in riƙa katse shi? Kuma nawa zan ce su biya?

Ɗan Rigasa: Ki sa na'ura a kunne kawai, yana faɗa kina faɗa.

Maman Ilham: Ƙanena, rumfa ce da lasifika ɗaya.

Baba Tafinta: Riƙe takarda, 'yata, amma kada ki bi kalmominsa, don hannu ba ya kamo baki. A ce ya ce bara amfani ya ragu, ba don rashin taki ba, sai don ruwa ya ɗauke da wuri, saboda haka a shuka iri mai kwana 90. Ki rubuta "amfani" da kibiya mai kallon ƙasa. Ƙarƙashinsa "taki", ki soke shi da layi, alamar ba shi ne dalili ba. Ƙasa kuma "ruwa". A gefen hagu ki sa "don haka", sannan 90. Ki ja dogon layi, magana ta gaba ta shigo. Wannan gefen na "amma" da "saboda" ne, su ke fara zubewa in jawabi ya yi tsawo. Lamba da suna kuwa, rubuta su nan take.

Malam Na Tudun Wada: Ni ban taɓa rubutu ba. Wanda ya yi hadda ba ya buƙatar biro.

Baba Tafinta: Malam, hadda maimaitawa ake yi. Wannan sau ɗaya za ta ji shi.

Anti Kakuri: Ku bar zancen biro. Na yi wa wata ƙungiya yini guda a tsaye, ko ruwa ba a miƙo min ba. Wani mai jin Turanci a gaba yana ta yi min gyara a bainar jama'a. Da aka tashi sai aka ba ni kuɗin Keke, wai ai magana ce kawai. Har yau ina bin su.

Ɗan Rigasa: Anti, ko shinkafar taron ba ki samu ba?

Anti Kakuri: Ana ci ina fassara. Kada ki karɓi ƙasa da dubu 50.

Malam Na Tudun Wada: Dubu 50 a Kawo? Dubu 10 ma an mutunta ki.

Maman Ilham: To katsewar fa, Baba? Ba rashin ladabi ba ne?

Baba Tafinta: Ku daidaita kafin a fara, ya riƙa tsayawa a ƙarshen kowane batu. In lamba ta kuɓuce miki, tambaye shi.

Anti Kakuri: Kuma a rubuce za su ba ki maganar kuɗin. Baba, kai albashi ka ci, ba ka san bin bashin 'yan taro ba.