Lodin hatsi daga kasuwar Gujungu: abin da direbobi suka tsayar

Wasu tsofaffin direbobin manyan motoci da suka tattauna kan lodin hatsi sun ce yawan buhu kaɗai ba ya nuna lodi ya yi daidai, domin sikeli kowane layin taya yake aunawa daban. Ƙa'idar ECOWAS ta ba layin baya guda tan 11.5. Buhu 300 masu kilo 100 tan 30 ne. Idan 'yan dako suka jibge su a baya, sai layin ya zarce ƙa'ida, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya riƙa yawo. Alamarsa sifirin ya miƙe, tayoyin baya su fi sauran zafi. A baje lodin tun buhun farko.

Kan hutu kuwa, har direbobin bas: bayan awa 4 a tsaya aƙalla minti 15, a sauko a taka. Goro ba ya biyan bashin barci.